Amfilifayar da Ta Ƙi Wuce Bolt 6: Nazarin Na'urar Auna Ruwan Tanki a Katsina

A wajen bazarar bara ne wani ɗalibina da ke ajin ƙarshe ya zo ɗakin gwajinmu da allon da ya haɗa a cikin kwali, fuskarsa ba walwala, ya ce aikin kammala karatunsa ya tsaya cak tun makonni biyu. Abin da yake ginawa na'ura ce ta auna yawan ruwan da ya rage a tankin sama, irin wanda ake ɗorawa kan ƙarafa a gidajen da ke da rijiyar burtsatse. A gidansu da ke Ƙofar Marusa, in ji shi, ba a sanin tanki ya cika sai an ji ruwa yana zuba a tsakar gida, kuma ba a sanin ya ƙare sai famfo ya yi tsit. Dabararsa mai kyau ce: a manna ɗan lasifikar fizo a murfin tanki, ya riƙa jefa sautin da kunne ba ya ji mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 40, sautin ya bugi saman ruwa ya dawo, wani ɗan lasifikar na biyu ya kama amsa-kuwwar, a lissafa nisa daga lokacin da tafiyar ta ɗauka. Tun da sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai matsakaicin zafi, tanki mai zurfin mita 2 zai dawo da amsa cikin abin da bai kai milisakan 12 ba. Matsalar ita ce na'urar tasa ba ta ganin komai bayan kamar rabin mita.

Ɓangaren da ke tura sautin ya gina shi ne a kan ƙwayar amfilifaya mai lamba 741, wadda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968, kuma har yau ita ce farkon abin da ɗalibi yake riƙewa a hannu, saboda araharta da kuma yawan ambatonta a littattafan karatu. Ya ba ta wuta mai ɓangare biyu, bolt 15 sama da bolt 15 ƙasa. Ya shigar da sigina ta ƙafa ta 3, ya sa rizista mai kilo'om 18 daga ƙafa ta 6, wato mafita, zuwa ta 2, da wata mai kilo'om 2 daga ƙafa ta 2 zuwa ƙasa, abin da ke ba da ninki 10. Siginar shiga igiyar sayin ce, wato mai hawa da sauka cikin lanƙwasa ba kusurwa, mai ƙololuwar bolt 1, don haka abin da yake jira a mafita shi ne ƙololuwar bolt 10, wato bolt 20 idan an auna daga gindin igiyar zuwa samanta.

Ya buɗe littafinsa ya nuna mini lissafin da ya yi kafin ya sayi ko rizista ɗaya, kuma dole in ce lissafin ba shi da kuskure a iyakar abin da ya rufe. Takardar bayanan 741 tana ba da wani adadi da ake rubutawa `GBW`, wanda ake samu idan an ninka ninkin amfilifayar da faɗin zangon kaɗawar da take iya yi wa aiki, kuma a wannan ƙwaya adadin kusan megahaz 1 ne. Ma'anarsa ciniki ne: duk abin da ka ƙara a ninki, za a rage maka daidai shi a faɗin zango. Da ninki 10, zangon zai tsaya a kilohaz 100, da ninki 100 kuma a kilohaz 10. Ya ce, “Malam, ga shi nan, kilohaz 100 nake da su, 40 kawai nake nema. Ta ina za ta gaza?” Har ma ya lissafa ɗan ragin da za a samu a kilohaz 40, ya ga ninkin zai sauka daga 10 zuwa kusan 9.3, ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, kuma gaskiyarsa ne.

Kafin ya zo wurina ya riga ya gwada abubuwa uku. Ya cire 741 ɗin ya sa wata sabuwa, bisa zaton ta farko ta ƙone. Ya canja rizistar kilo'om 18 da babba don ya ƙara ninki. Sannan wani mai gyaran rediyo ya ba shi shawarar ya koma LM358, ya koma, abin ya ƙara lalacewa. Duk wannan lokacin da mitar hannu yake aune-aunensa, ita kuwa irin mitar da ɗalibai ke saya an yi ta ne don wutar gida mai haz 50, kuma a kilohaz 40 lambar da take nunawa ba ta da alaƙa da abin da ke kan waya. Ko da mitar ta faɗi gaskiya, lamba ɗaya ba ta nuna siffar igiya, alhali a wannan lamari siffar ce ke ɗauke da amsar.

Abu na farko da muka yi shi ne mayar da 741 da rizistocin asali, muka cire ɗan lasifikar muka sa rizista mai kilo'om 10 a madadinsa, domin kada mu ɗora wa amfilifayar laifin da na ɗan lasifikar ne. Muka jona janaretan sigina a mashiga da sikof, na'urar da ke zana siffar igiya a kan allo, a mafita, muka fara daga kilohaz 1. Igiya ta fito cif, bolt 20 daga gindi zuwa sama, da lanƙwasarta mai kyau. Wannan kaɗai ya wanke haɗin allon, ya wanke wutar, ya wanke ƙwayar daga zargin ƙonewa. Sai muka fara hawa a hankali ba tare da taɓa girman siginar shiga ba. Har zuwa kilohaz 7 babu abin da ido zai kama. Wajen kilohaz 10 sai gefunan igiyar, inda take ratsa tsakiya, suka miƙe kamar an ja su da rula, ko da yake saman da gindin suna nan da ɗan zagayensu. A kilohaz 20 zagayen ya ɓace, abin da ke kan allo ya zama alwatika zalla, tsayinsa ya sauka zuwa kusan bolt 12 da rabi. A kilohaz 40 alwatikan ya ƙara tsukewa zuwa bolt 6 da ɗoriya. Na ce masa ya ƙara siginar shiga. Ya ƙara ta zuwa bolt 2, alwatikan bai motsa ba ko kaɗan.

Wannan rashin motsi shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Amfilifayar da faɗin zango ya takura wa tana rage sigina ne da kaso ɗaya tak, ko siginar babba ce ko ƙarama: idan ta ba ka kashi 93 cikin 100 na abin da ka nema, to ka ninka shiga sau biyu, mafita ma za ta ninku sau biyu, kuma sayin zai fita sayin. Abin da muke gani a nan kuwa ya canja siffa, kuma ya daina sauraron mashiga gaba ɗaya. Don ya gani da idonsa, muka bar janaretan a kilohaz 40 muka rage shiga zuwa milibolt 100. Nan take alwatikan ya koma igiyar sayin mai tsabta, ƙololuwarta kusan bolt 0.93, daidai da lissafin da ke littafinsa. Muka ɗaga zuwa milibolt 200, mafita ta kai kusan bolt 1.9, siffar tana nan. Daga milibolt 300 gefuna suka fara miƙewa, kuma daga nan duk ƙarin da muka yi bai kai ƙololuwar sama da bolt 3 da ɗan kai ba.

Iyakar da ya ci karo da ita tana cikin takardar bayanan da yake riƙe da ita, layuka kaɗan daga inda ya tsaya. Ana rubuta ta `SR`, kuma tana faɗin iyakar saurin da mafitar amfilifaya za ta iya hawa ko sauka da shi, komai irin umarnin da mashiga ta ba ta. A 741 adadin da aka saba samu rabin bolt ne a kowane maikurosakan. Igiyar sayin ta fi gudu ne a daidai lokacin da take ratsa tsakiya, kuma saurin da take bukata a wurin ya dogara da abu biyu tare, yawan kaɗawa, `f`, da tsayin ƙololuwa, `Vp`:

```
SR = 2 × π × f × Vp
2 × 3.14 × 40000 × 10 = 2512000 V/s ≈ 2.5 V/µs
```

Ke nan aikin nasa yana neman bolt 2.5 a maikurosakan daga ƙwayar da ke da 0.5, ninki biyar na abin da take iyawa. Idan aka juya lissafin, a tambaya wace ƙololuwa ce mafi girma da 741 za ta iya fitarwa a kilohaz 40 ba tare da siffa ta jirkice ba, amsar tana fitowa kusan bolt 2, kuma daidai nan ne muka ga gefuna sun fara miƙewa. Idan kuma aka tambaya har zuwa wane yawan kaɗawa za ta riƙe ƙololuwar bolt 10, amsar kusan kilohaz 8 ce. Tsayin alwatikan ma lissafi ne mai sauƙi. A kilohaz 40 zagaye ɗaya yana ɗaukar maikurosakan 25, rabinsa 12.5, kuma mafita tana hawa da iyakar gudunta tsawon wannan rabin kafin a umarce ta ta juyo. Rabin bolt sau 12.5 ya ba da bolt 6.25, abin da sikof ya nuna ke nan. A kilohaz 20 lokacin ya ninku, tsayin ma ya ninku zuwa 12.5.

Na ga ya karɓi lissafin amma bai gamsu ba, domin ya tambaya me zai hana amfilifayar da ke da bolt 15 a hannunta ta hau da sauri idan an matsa mata. Tambayar ta cancanci amsa, kuma amsar tana cikin ƙwayar ne. A cikin 741 akwai wata 'yar kafasita mai fikofarad 30 da aka dasa da gangan, domin ta hana amfilifayar yin ruri da kanta idan an haɗa mata fidbak, wato an mayar da wani ɓangare na mafita zuwa mashiga. Mafita ba ta iya motsawa sai ƙarfin wutar da ke kan wannan kafasita ya motsa, shi kuma ba ya motsawa sai an zuba mata lantarki ko an kwashe. Mai zubawar shi ne matakin farko na tiransistocin mashiga, wanda duk abin da aka ware masa bai wuce maikuro'amfiya 15 zuwa 20 ba. Na ba shi misali da abin da ya sani, bokiti a ƙarƙashin famfo. Muddin famfon bai buɗe duka ba, murɗa shi kaɗan yana ƙara saurin cikar bokitin, kuma kana da iko a kan abin da ke faruwa. Da zarar ya buɗe iyakar buɗewa, ko ka karya kan famfon, ruwan da ke zuba ba zai ƙaru ba, kuma bokitin zai ci gaba da cika a miƙe da gudu ɗaya. Wannan cika a miƙe ita ce gefen alwatikan da muka gani. Idan aka raba maikuro'amfiya 15 da fikofarad 30, abin da ke fitowa rabin bolt ne a maikurosakan. Bolt 15 na wutar ba su shiga wannan lissafi ba ko ta ina, shi ya sa ƙara wuta ba ya maganin abin.

A nan ne, a ganina, ake samun fahimtar da littattafan aji suka cika tsallakewa, domin suna kawo iyakokin biyu a babi dabam-dabam kamar ba su san juna ba, alhali kafasita ɗaya ce ta haife su. Ita ce ke sa ninkin amfilifayar na asali, wanda take da shi kafin a saka fidbak, ya riƙa sauka yayin da kaɗawa ke ƙaruwa. A kilohaz 40, wannan ninki na 741 ya rage saura 25 kacal, wato megahaz 1 a raba da kilohaz 40. To idan ana son bolt 10 a mafita da ninki 25, dole a sami bambancin bolt 0.4 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Su kuwa tiransistocin mashiga suna amsa bambanci daidai gwargwado ne kawai a cikin 'yan gomomin milibolt. Kafin a kai milibolt 400 sun daɗe da juye duk lantarkin da suke da shi zuwa gefe guda, famfo ya buɗe duka. A ƙololuwar bolt 2, bambancin da ake bukata milibolt 80 ne, wanda yake bakin iyaka. Wannan ne dalilin da ya sa `GBW` ke faɗin gaskiya game da ƙananan sigina kaɗai. Abin da aka koya wa ɗalibi tun ajin farko, cewa ƙafafun mashiga biyu suna zama daidai da juna idan akwai fidbak, yana tsayawa ne muddin ninkin asali yana da yawa, kuma a kilohaz 40 ninkin 741 ya kusa ƙarewa.

Daga nan gyare-gyaren da ya gwada a baya suka bayyana kansu. Sabuwar 741 tana da kafasita iri ɗaya da tsohuwar. Ƙara ninki ƙara murɗa famfon da ya riga ya buɗe ne, har ma yana rage faɗin zango a banza. LM358 kuwa saurin hawanta kusan ɗaya ne da na 741, a takardar wasu masu ƙera ta ma ya gaza shi, sannan tana da wani ɗan tsalle da take yi a daidai inda igiya ke ratsa sifili. Shi da kansa ya kawo shawarar a raba aikin tsakanin 741 biyu a jere, kowace ta ɗauki ƙaramin ninki. Na bar shi ya yi tunani, bayan ɗan lokaci ya ce ai ta ƙarshen ce za ta fitar da bolt 10 ɗin, kuma ita ma rabin bolt gare ta. Akwai dabarar da ta fi wannan, inda ake sa amfilifaya biyu su tura ƙafafun ɗan lasifikar da sigina masu saɓa wa juna, kowace ta ɗauki ƙololuwar bolt 5, amma ko hakan yana neman bolt 1.26 a maikurosakan, wanda ya fi ninki biyu na ƙarfin 741.

Ya kamata in faɗi wani abu a kan jirkicewar siffar kanta, domin kada a ɗauka alwatikan ne ya makantar da na'urar. Ɗan lasifikar fizo yana amsawa da ƙarfi ne kawai a kusa da kilohaz 40, don haka ƙarin kaɗawar da alwatika ke ɗauke da ita, wadda mafi girmanta ke kilohaz 120 da tsayin kashi ɗaya cikin tara, ba ta dame shi sosai ba. Asarar tana cikin girma ne. Alwatika mai ƙololuwar bolt 3.1 yana ɗauke da sayin na kilohaz 40 mai ƙololuwar kusan bolt 2.5, wato rubu'in abin da aka tsara. Da a ce amfilifayar sauti ce ko na'urar awo mai bukatar siffa ta gaskiya, da jirkicewar ce za ta zama babban laifi tun daga bolt 2.

Maganin shi ne TL071, wadda ƙafafunta na wuta da mashiga da mafita suke daidai da na 741, don haka aka zare wannan aka cusa waccan ba tare da an motsa waya ba. Ya so ya sa TL072 da ke aljihunsa, wadda ta fi samuwa a hannun masu sayar da kayan rediyo, na tsayar da shi, domin ita amfilifaya biyu ce a ƙwaya ɗaya, mafitarta ta farko tana ƙafa ta 1, wutar sama kuma tana ƙafa ta 8. TL071 tana da `GBW` na kusan megahaz 3 da saurin hawa na kusan bolt 13 a maikurosakan. Abin lura shi ne faɗin zangonta ya ninka na 741 sau uku ne kawai, amma saurin hawanta ya ninka sau 26. Dalilin yana ga irin tiransistocin mashigarta, waɗanda ake rubutawa JFET, da suke jure bambanci mai yawa tsakanin ƙafafun mashiga kafin su juye gefe guda, abin da ke ba mai ƙera ƙwayar damar ware musu lantarki mai yawa. Saboda haka ba a iya hasashen ɗaya adadin daga ɗayan, sai an duba kowanne a takarda. A kilohaz 40 sikof ya nuna sayin mai tsabta mai ƙololuwar bolt 9.9. Muka ci gaba da ƙara shiga don mu ga inda za ta tsaya, sai a wajen bolt 13 da rabi saman igiyar da gindinta suka baje kamar an yanke da wuƙa. Wannan iyaka ce ta uku, ta wutar da aka ba ƙwayar, kuma alamarta dabam ce: gefuna suna nan da lanƙwasarsu, kawuna ne ke yankewa.

Kafin mu mayar da ɗan lasifikar na sa ya auna saurin hawan ƙwayoyin biyu da kansa, domin lambar da ke bayan ƙwaya ba kullum take faɗin abin da ke cikinta ba, kuma a kasuwa ana cin karo da waɗanda aka goge aka sake buga wa suna. Awon ba shi da wuya. A mayar da janareta zuwa igiya mai murabba'i a kilohaz 1, a bar mafita tana tsalle daga bolt 10 ƙasa zuwa bolt 10 sama, a buɗe gefen hawan a kan sikof, a auna lokacin da yake ɗauka daga kashi 10 zuwa kashi 90, wato tafiyar bolt 16. Ita 741 ta ɗauki kusan maikurosakan 32, TL071 kuma bai kai ɗaya da rabi ba. Duk ƙwayar da aka rubuta wa TL071 amma ta ɗauki gomomin maikurosakan a wannan gwaji, wata aba ce dabam a cikin rigar aro. A duba gefen sauka ma, domin ba lallai ne gudun hawa da na sauka su zo daidai ba.

Shawarar da nake bayarwa a nan ita ce kada a zaɓi ƙwayar da saurinta ya yi daidai da lissafi cif. Adadin 13 na ƙwaya ce matsakaiciya, mafi ƙanƙantar abin da mai ƙera ta ya yi alkawari ya gaza haka, zafi yana canja shi, kuma murfin tanki a rana ta watan Afrilu a Katsina ba ɗakin gwaji ba ne. Bayan haka jirkicewa tana farawa kafin ido ya gan ta a sikof, tun lokacin da matakin mashiga ya fara kusantar iyakarsa. Ni ina neman aƙalla ninki biyu zuwa uku na abin da lissafi ya bayar, kuma a wannan aiki muna da ninki biyar. Shi ɗan lasifikar yana da halin kafasita, wajen fikofarad 2,000, don haka a gudun bolt 2.5 a maikurosakan yana jan kusan miliamfiya 5 saboda wannan halin kaɗai, wanda TL071 ke iya bayarwa. Sai dai irin wannan kaya yana iya sa amfilifaya ruri, shi ya sa muka saka rizista mai om 100 tsakanin ƙafa ta 6 da ɗan lasifikar, a waje da hanyar fidbak.

Na ɗauka an gama, sai bayan kwana uku ya dawo. Nisan gani ya ƙaru sosai, amma ɓangaren karɓar amsa-kuwwa bai ba da abin da ya lissafa ba, ga shi kuwa ya sa TL071 a can ma, da ninki kusan 100. Ya ce, “Malam, ko saurin hawan ne ya sake kama mu?” Na ce ya gwada yadda muka yi rannan ya gaya mini. Ya shigar da milibolt 5 a kilohaz 40 yana jiran 500, sai ya sami 300, sayin mai tsabta. Ya ninka shiga zuwa 10, mafita ta tafi 600. Siffa ba ta canja ba, kason ragin ma bai canja ba, kuma gudun da milibolt 300 ke bukata bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt a maikurosakan ba. Wannan karon lissafin da ya iya tun farko ne ya manta ya sake yi. Megahaz 3 a raba da ninki 100 ya bar kilohaz 30, aikinsa kuma yana 40, sama da zangon, inda ninkin ya sauka zuwa 60. Dabarar raba aiki gida biyu da ta kasa amfani a ɓangaren turawa ita ce ta dace a nan, kuma TL072 ɗin da ke aljihunsa ta sami wurin zama: matakai biyu masu ninki 10 kowanne, kowane mataki da zangon kilohaz 300, jimillar ninki ta fito kusan 98.

An ɗora na'urar a tankin gidansu a farkon damina, tana karanta ruwa har zuwa gindin mita 2. Matsalar da ta saura ita ce raɓar da ke taruwa a fuskar ɗan lasifikar da asuba, kuma yanzu yana neman irin wanda aka rufe don zama a jiƙe, wanda shi kuma yana bukatar turi mai ƙarfi fiye da bolt 10. Na ce masa kafin ya yi odarsa daga Kano ya fara duba ƙololuwar da takardarsa ta nema, ya ninka ta da kilohaz 40 da 6.28, ya zo mini da lambar.